Kwamfansetan Lid da na Lag: Yadda Kowannensu Yake Sayen Daidaito, da Abin da Yake Biya

Kusan duk ɗalibin injiniya da ya shiga darasin sarrafa na'urori ya haddace wata gajeriyar magana, wato lid yana ƙara sauri, lag kuma yana ƙara daidaito. Maganar ba ƙarya ba ce, amma tana ɓoye abin da ya fi muhimmanci, kuma ina ganin ita ce take sa mutane da yawa su zaɓi gyaran da bai dace da na'urarsu ba. A ganina hanyar da ta fi amfani ita ce a ɗauki waɗannan kwamfansetoci biyu, wato sassan da ake ƙara wa tsarin sarrafa na'ura domin gyara yadda yake amsa umarni, a matsayin amsoshi biyu ga matsala guda: ana bukatar ninki mai yawa, wato a ninka kuskuren da babbar lamba kafin a mayar wa na'urar, domin kuskure ya ragu, amma ninki mai yawa yana sa wannan zagayen aunawa da gyarawa, wanda ake kira fidbak, ya fara lilo. Lid da lag duka suna ba ka damar riƙe wannan ninkin, sai dai kowannensu yana karɓar kuɗinsa daga aljihu dabam. Domin a ga haka da ido, zan ɗauki na'ura ɗaya in bi ta da lissafi har ƙarshe.

Na'urar ita ce injin lantarki mai juya farantin eriya da ke bin wani abu mai tafiya a sama. Irin wannan aiki ne ya haɓaka wannan fanni a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake gina rada mai bin jiragen sama da kanta, bisa tushen da Harry Nyquist ya kafa a 1932 da kuma aikin Hendrik Bode, dukansu a ɗakunan binciken kamfanin Bell na Amurka. Mu ɗauka cewa umarnin da muke aika wa injin shi ne saurin da muke so ya juya da shi, da digiri a sakan, kuma saboda nauyin farantin yana ɗaukar kimanin sakan 0.2 kafin ya kai kusan kashi biyu cikin uku na wannan saurin. Na'urar aunawa tana karanta inda farantin yake, a cire shi daga inda ake so ya kasance, bambancin shi ne kuskure, a ninka kuskuren da wata lamba K a mayar wa injin. A rubuce, inda s take wakiltar firikwensi, wato saurin kai-komon sigina, zagayen gaba ɗaya shi ne:

```
G(s) = K / (s(0.2s + 1))
```

Abin da ake nema shi ne, idan abin da ake bi yana tafiya da saurin digiri 10 a sakan, kada farantin ya kasance a bayansa da fiye da digiri 0.2. Ga irin wannan zagaye lissafin yana da sauƙi, domin kuskuren da ke saura bayan komai ya daidaita shi ne saurin abin da ake bi a raba da K. Dalilin kuwa a fili yake: injin ba zai juya da digiri 10 a sakan ba sai an ba shi umarnin 10, umarnin kuma ba ya fitowa sai daga kuskure da aka ninka da K. Idan K ta zama 5, dole kuskuren ya tsaya a digiri 2 domin ya haifar da umarnin da ake bukata. Idan ana son 0.2, dole K ta zama 50, kuma babu wata dabara da za ta kauce wa wannan.

Da K a 5 na'urar tana da ladabi. Idan aka ce mata ta koma wani sabon wuri nan take, takan zarce shi da kusan kashi 16 cikin ɗari, ta dawo, ta natsu cikin kimanin sakan 1.6. Da aka ɗaga K zuwa 50, sai zarcewar ta kai kusan kashi 60 cikin ɗari, farantin ya riƙa kai-komo kamar lilo sau huɗu ko makamancin haka kafin ya tsaya. Abin lura a nan, wanda ba kowa yake tsammani ba, shi ne lokacin natsuwa bai ragu ba ko kaɗan, yana nan a sakan 1.6. Ninki kaɗai ya sa farantin ya fi zafin tashi, amma bai sa lilon ya mutu da wuri ba, domin saurin mutuwar lilon ya dogara ne da wancan sakan 0.2 na nauyin farantin, wanda K ba ta taɓa shi.

Domin fahimtar dalilin wannan lilo, sai a duba yadda zagayen yake amsa sigina mai kai-komo a firikwensi daban-daban. A kowane firikwensi akwai abubuwa biyu da za a auna: sau nawa zagayen ya ninka siginar, da kuma yawan jinkirin da ya sa mata, wanda ake aunawa da kusurwa, inda cikakken zagaye ɗaya na siginar yake daidai da digiri 360. Wannan digiri na kusurwar jinkiri ne, kada a haɗa shi da digirin juyawar farantin. Idan jinkirin ya kai digiri 180, gyaran da zagayen yake aikawa yana isa ne daidai lokacin da kuskuren ya riga ya juya, don haka maimakon ya rage shi sai ya ƙara masa. Wurin da ya fi hatsari shi ne firikwensin da ninkin zagayen yake daidai da ɗaya, wanda zan kira maƙetara. Tazarar da ke tsakanin jinkirin zagayen a maƙetara da digiri 180 ita ce rarar kusurwa, kuma ita ce ma'aunin yadda na'urar take nesa da lilo marar tsayawa. Injiniyoyi kan nemi rara tsakanin digiri 45 da 60.

A na'urarmu, juya sauri zuwa matsayi yana cin digiri 90 a kowane firikwensi, nauyin farantin kuma yana ƙara nasa jinkirin, wanda yake ƙarami a ƙananan firikwensi amma yana hawa zuwa wasu digiri 90 a manya. Da K a 5 maƙetara tana kusa da radiyan 3.9 a sakan, wanda shi ne ma'aunin firikwensi a nan, inda nauyin yake cin digiri 38 kacal, don haka rara ta kai digiri 52. Da K a 50 maƙetara ta matsa zuwa radiyan 15.4 a sakan, inda nauyin yake cin digiri 72, rara kuma ta faɗi zuwa digiri 18. Ke nan ƙara ninki bai ƙara jinkiri ba, tura maƙetara ya yi zuwa unguwar da jinkiri ya riga ya yi yawa. Daga nan hanyoyi biyu ne suka rage: ko dai a rage jinkirin a wannan sabuwar unguwa, ko a mayar da maƙetara tsohuwar unguwarta ba tare da an rasa K ba. Ta farko ita ce lid, ta biyu ita ce lag.

Kwamfansetan lid yana da ziro ɗaya, wato firikwensin da ninki yake fara hawa daga gare shi, da fol ɗaya, wato firikwensin da yake fara danne ninkin, ziron yana ƙasa a firikwensi, fol ɗin yana sama:

```
C(s) = (Ts + 1) / (aTs + 1),   a < 1
```

A ƙananan firikwensi ninkinsa ɗaya ne, wato ba ya taɓa K, kuma kuskuren digiri 0.2 yana nan yadda yake. Tsakanin ziro da fol kuwa yana sa siginar ta riga abin da ya shigo, yana mayar wa zagayen wani ɓangare na kusurwar da nauyi ya cinye. A aikace abin da yake yi shi ne duba saurin da kuskure yake canzawa, ba girmansa kaɗai ba. Direban babbar mota mai kaya da ya san aikinsa ba ya jira sai ya iso shingen kan hanya kafin ya taka birki, yana ganin yadda tazarar take raguwa ya fara sassautawa tun daga nesa. Haka lid yake janye umarni tun farantin bai iso ba, idan ya ga kuskuren yana raguwa da sauri.

Lambobi uku ne suke tafiyar da tsara shi. Mafi girman kusurwar da zai bayar ta dogara da a kaɗai, tana faruwa a firikwensin da ke tsakiyar ziro da fol, kuma a daidai wurin yana ƙara ninki:

```
sin(φ) = (1 - a) / (1 + a)
ω = 1 / (T√a)
|C| = 1 / √a
```

Muna da rarar digiri 18 muna son 50, bambancin 32 ne. Amma wanda ya nemi 32 daidai zai ga bai kai ba, kuma a nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Tun da lid yana ƙara ninki, yana tura maƙetara gaba zuwa inda na'urar ta fi jinkiri, sai wani ɓangare na abin da ya bayar ya zube. Saboda haka ake ƙara digiri biyar zuwa goma a kan abin da ake nema. Idan muka ɗauki a ta zama 0.25, kusurwar za ta kai kusan digiri 37, ninkin kuma biyu. Sabuwar maƙetara za ta kasance inda ninkin na'urar ita kaɗai yake rabi, domin rabi sau biyu ɗaya ne, wannan wuri kuwa radiyan 22 ne a sakan. Daga nan T ta fito kusan 0.09, wato ziro a radiyan 11, fol a radiyan 44. A radiyan 22 nauyin farantin yana cin digiri 77, saura 13, a haɗa da 37 na lid, rara ta zama digiri 50.

Sakamakon yana da daɗin gani. Zarcewa ta sauko daga kashi 60 zuwa kimanin kashi 23, farantin yana kai ƙololuwarsa a sakan 0.13, ya natsu cikin kimanin rubu'in sakan maimakon 1.6. An samu daidaiton da ake nema, an kuma samu saurin da ya ninka na da fiye da sau shida. Wanda ya tsaya a takarda zai ce magana ta ƙare, kuma zai yi mamakin dalilin da ya sa wani zai nemi wata hanya.

Dalilin yana bayyana ne idan aka duba abin da ake aika wa injin. A manyan firikwensi lid yana ninka sigina da 1/a, wato sau huɗu, a kan K mai 50, jimilla 200. Idan aka ce farantin ya matsa digiri 10 nan take, umarnin farko da zai fita shi ne digiri 2000 a sakan, alhali a tsarin K mai 5 umarnin 50 ne kacal. Idan iyakar injin ita ce digiri 300 a sakan, to rubu'in sakan ɗin nan a takarda kawai yake. Amfilifaya za ta ƙure, ta tsaya a iyakarta, kuma duk tsawon lokacin da take a ƙure zagayen ba ya bin lissafin da aka yi masa. Alamar wannan matsala tana da sauƙin ganewa: ƙaramin umarni yana bayar da amsa mai kyau, babban umarni kuma yana bayar da amsa mai siffa dabam, mai jinkiri da yawan zarcewa. Tsarin da bai ƙure ba siffar amsarsa ɗaya ce ko umarnin ƙarami ne ko babba.

Sai kuma hayaniyar na'urar aunawa. A ce inkoda, wato na'urar aunawar da ke kan sandar farantin, tana da matakai 4096 a zagaye guda, kowane mataki digiri 0.088 ke nan. Ko farantin yana tsaye, iska kaɗan za ta sa karatun ya riƙa tsalle tsakanin matakai biyu, kuma kowane tsalle lid zai mayar da shi bugun umarni na kusan digiri 18 a sakan. Wanda ya tsaya kusa da irin wannan na'ura zai ji injin yana ƙara siririya ko yana kakkarwa alhali ba a ba shi aikin komai ba, idan ya ɗora hannu a jikinsa ya ji ɗumi, haƙoran giya kuma suna cin junansu a banza. Wannan ne ya sa ba a cika sauko da a ƙasa da 0.1 ba. A can kusurwar ta kai digiri 55 da ninki goma a manyan firikwensi, kuma daga nan duk ƙarin da aka yi ninkin hayaniya yake hauhawa da sauri fiye da kusurwar da ake samu.

Abu na uku shi ne wanda na fi jin tsoro, domin ba ya cikin lissafin da muka rubuta. Babu na'urar da take daidai da siffarta ta takarda a manyan firikwensi. Akwai jinkirin kwamfutar da ke lissafi, da na matatar sigina, da na wayar sadarwa, da lanƙwasar sandar da ke ɗauke da farantin. A ce duka sun haɗu sun zama jinkirin sakan 0.02. Kusurwar da jinkiri irin wannan yake ci ita ce firikwensi sau lokacin, don haka a radiyan 22 zai ci radiyan 0.44, kusan digiri 25. Rarar digiri 50 da muka yi murna da ita ta koma 25, lilo ya dawo. Lid ya kai mu unguwar da ba mu santa sosai ba, kuma ƙara masa ƙarfi domin a cike giɓin zai ƙara tura maƙetara gaba ne, inda jinkirin zai ci fiye da haka.

Kwamfansetan lag yana kama da lid a rubuce, sai dai an juya jerin, fol ne a ƙasa, ziro a sama:

```
C(s) = (Ts + 1) / (bTs + 1),   b > 1
```

Sunansa, wanda yake nufin jinkiri a Turanci, yana ruɗar mutane, domin ana iya zaton jinkirin da yake kawowa shi ne amfaninsa, alhali jinkirin illa ce da ake ƙoƙarin ɓoyewa. Amfaninsa shi ne a ƙananan firikwensi ninkinsa ɗaya ne, a manya kuma yana raba sigina da b. Idan b ta zama 10, zagayen zai kasance mai K 50 ga abubuwan da ke canzawa a hankali, mai K 5 ga abubuwan da ke canzawa da sauri. Maƙetara za ta koma kusa da radiyan 3.9, inda muka riga muka san akwai rarar digiri 52, kuskuren bin abu mai tafiya kuma zai kasance 0.2 kamar yadda aka nema.

Dabarar tsara shi ita ce a ajiye ziro da fol nesa ƙasa da maƙetara, ta yadda jinkirinsu zai kusa ƙarewa kafin a iso wurin. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ziro ya kasance kashi ɗaya cikin goma na maƙetara. A nan ziro zai zauna a radiyan 0.4, fol a 0.04, wato T 2.5 ce, bT kuma 25. A maƙetara ragowar jinkirinsa kimanin digiri 5 ne, rara ta zama kusan 46. A zamanin da ake haɗa wannan da rasista da kafasita, za a iya samunsa da rasista mai kilo-om 225 a jere, sannan mai kilo-om 25 tare da kafasita mai maikurofarad 100 zuwa ƙasa. Girman wannan kafasita kaɗai ya isa ya nuna irin dogon lokacin da lag yake aiki da shi, idan aka kwatanta da maikurofarad 1 da ya wadatar wa lid ɗin da muka tsara.

Duk abubuwan da suka dami lid sun yi sauƙi a nan. Umarnin farko ga matsawar digiri 10 ya koma 50, injin ba ya ƙurewa. Tsallen inkoda ɗaya yana haifar da ƙasa da rabin digiri a sakan, injin ya yi shiru. Jinkirin sakan 0.02 kuwa a radiyan 3.9 bai wuce digiri 4.5 ba, rara ta sauka daga 46 zuwa kusan 42, abin da na'ura za ta jure ba tare da wata damuwa ba.

Kuɗin da lag yake karɓa lokaci ne, kuma yana karɓarsa ta hanyar da ba a saurin lura. Idan aka rufe zagayen, wani fol yana zuwa ya zauna kusa da ziron lag, a nan a 0.43, amma ba ya hawa kansa daidai. Wannan ɗan bambanci yana barin wutsiya a cikin amsar, mai girman kimanin kashi 8 cikin ɗari na umarnin, wadda take raguwa a hankali da ma'aunin lokaci na sakan 2.3. Farantin zai zarce da kusan kashi 26, lilon ya mutu da wuri, amma ya tsaya kaɗan gaba da inda ake so yana jan jiki zuwa wurin, ba zai shiga cikin kashi biyu na inda aka nufa ba sai bayan sakan 3 da ɗoriya. Ke nan ya fi tsarin K mai 5 jinkirin natsuwa har ninki biyu. Wanda yake kallon amsar a allon osiloskof na sakan biyu kacal zai iya zaton akwai kuskure na dindindin, ya shiga neman laifi a inkoda ko a giya, alhali wutsiyar ce ba ta gama sauka ba.

Wutsiyar ta fi ciwo a ainihin aikin da aka saka lag dominsa. Lokacin da abin da ake bi ya fara tafiya da digiri 10 a sakan, farantin ba ya fara da kuskuren 0.2. Yana fara da kuskuren da ya kai kimanin digiri 2, tamkar K tana 5, sannan lag ya riƙa tara umarni a hankali yana cinye shi. Bayan sakan 5 kuskuren yana kusa da 0.43, bayan sakan 10 yana kusa da 0.23. Idan abin da ake bi tauraron ɗan'adam ne da ke ratsa sama cikin mintuna da sauri kusan bai ɗaya, wannan jira ba komai ba ne. Idan kuwa abu ne da ke sauya hanya kowane sakan uku, farantin ba zai taɓa kai daidaiton da takarda ta yi alkawari ba. Daidaiton lag na mai haƙuri ne, kuma ya kamata duk wanda ya rubuta bukatar kuskuren 0.2 a tambaye shi cikin sakan nawa yake son a kai can.

Ana iya gajarta wutsiyar ta matsar da ziro kusa da maƙetara, misali zuwa 0.8, sai dai jinkirin da yake bari zai ninka zuwa kimanin digiri 10, zarcewa ta ƙaru. Ana iya mayar da shi ƙasa zuwa 0.2 a ceci rara, wutsiyar ta ragu a tsayi amma ta ninka a tsawon lokaci. Babu wurin da za a ajiye shi a tsira daga duka biyun. Akwai kuma haɗarin cewa idan injin ya daɗe a ƙure, ko farantin ya maƙale, lag zai ci gaba da tara umarni, idan aka sake shi ya zarce da yawa kafin ya sauke abin da ya tara. Maganin shi ne a dakatar da tarawar duk lokacin da umarni ya kai iyaka, kamar yadda ake yi wa sashen tarawa na `PID`, mai sarrafawar da ke haɗa girman kuskure, wato P, da tarinsa, wato I, da saurin canjinsa, wato D. Dangantakar ma ta kusa ce, domin lag ɗan'uwan `PI` ne da aka iyakance ninkinsa, lid kuma ɗan'uwan `PD` ne da aka sa wa matata.

Mai son tabbatar da waɗannan lambobi zai iya yin haka da 'yan layuka a `Python`, inda lamba ta biyu da za ta fito ita ce rarar kusurwa, ta huɗu kuma maƙetara:

```python
import control as ct
s = ct.tf('s')
G = 50 / (s * (0.2*s + 1))
print(ct.margin(G * (0.09*s + 1) / (0.0225*s + 1)))
print(ct.margin(G * (2.5*s + 1) / (25*s + 1)))
```

Da ni aka ba wannan eriya, tare da jinkirinta na sakan 0.02 da injinta mai iyaka, ba zan ɗauki ɗaya daga cikinsu shi kaɗai ba. Zan fara da zaɓen maƙetara, domin ita ce shawarar da sauran duka suke rataye a kanta, in ajiye ta a radiyan 10 a sakan, wurin da ya fi na lag sauri amma bai shiga inda jinkiri yake da ƙarfi ba. A can nauyin farantin yana cin digiri 63, jinkirin yana cin 11 da rabi, rarar da ta saura kimanin 15 ce. Lid mai a 0.25, da ziro a radiyan 5 da fol a 20, zai ƙara 37. Ninkin zagayen a wannan wuri, da K 50 da ninki biyu na lid, ya kai kusan 4.5, don haka lag mai b 4.5, da ziro a radiyan 1 da fol a 0.22, zai sauko da shi zuwa ɗaya, ya ci kimanin digiri 4. Rara ta tsaya kusa da digiri 48, kuma a wannan karo an riga an cire kuɗin jinkirin a cikinta. Ninkin manyan firikwensi ya sauko daga 200 zuwa kusan 44, tsallen inkoda ya koma bugun digiri 4 a sakan maimakon 18, ma'aunin lokacin wutsiya ya ragu zuwa kusan sakan ɗaya. Umarnin farko ga matsawar digiri 10 zai kai kimanin 440, wanda har yanzu ya haura iyakar 300, saboda haka zan sa a riƙa miƙa wa zagayen babban umarni a gangare cikin ɗan lokaci maimakon a jefa masa shi gaba ɗaya, sannan in gwada na'urar da matsawar digiri ɗaya da ta digiri goma in kwatanta siffofin amsoshin biyu.